Yadda ake rage kalmomin barkwanci har kalmar ba-zata ta zo a ƙarshe

Barkwanci mai jimla ɗaya yana da sassa biyu kacal. Akwai shimfiɗa, wadda aikinta shi ne ta sa mai sauraro ya zaci maganar ta nufi wani wuri, sannan akwai kalmar da take juya ma'anar, wadda a nan za mu riƙa kiranta kalmar ba-zata. Dariya tana tashi ne a daidai lokacin da kunne ya ji wannan kalma, saboda haka duk abin da mai magana ya faɗa bayanta, ko dai dariyar ta danne shi ba a ji ba, ko kuma, wanda ya fi muni, masu sauraro su riƙe dariyarsu don su ji sauran maganar, kafin ya gama ta huce. Karin maganarmu ta daɗe da sanin haka. Idan aka ce “ƙarfin hali, ɓarawo da sallama”, ko “abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo”, babu ko gaɓa ɗaya da ta biyo bayan kalmar da ke ɗauke da abin dariyar. A gwada cewa “matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo, wato abin nema ya samu ke nan”, za a ji ma'anar tana nan yadda take, amma armashin ya tafi.

Misalin da za mu bi daga farko zuwa ƙarshe na samo shi ne a wata fada da muke zaman shayi da dare a unguwar Birni, a nan Damagaram, inda wani ƙanenmu da ke son ya riƙa rubuta barkwanci ya karanta mana abin da ya rubuta a wayarsa:

“Wato ni dai akwai wani tela da nake kai wa ɗinki a nan unguwarmu, to a farkon azumi na sayi shadda a kasuwar Dole na kai masa, sai ya rantse mini cewa lallai zan sa rigata ranar salla, kuma gaskiya mutumin bai yi ƙarya ba, domin kuwa a babbar salla na sa ta, ba a ƙaramar salla ba.”

Mutum biyu sun murmusa, mai dafa shayin kuma ya ci gaba da fifita gawayinsa. Tunanin da ke ciki mai kyau ne, domin duk wanda ya taɓa kai ɗinki da azumi ya san zafin abin, amma kalmomi 58 ne suka taru a kansa suka danne shi.

Mataki na farko: a gano kalmar, a ja mata layi

Kafin a cire komai, sai a rubuta barkwancin gaba ɗaya yadda ya fito daga baki, sannan a karanta shi a hankali ana tambaya a kowace kalma ko wanda ya tsaya a nan ya riga ya gane abin dariyar. A jimlar ƙanen namu, har zuwa “domin kuwa a” mai sauraro yana zaton sallar azumi ake nufi. Da ya ji “babbar”, ya gane cewa rigar ta yi jinkirin kusan kwana 70, wato tazarar da ke tsakanin salloli biyu. Ita ce kalmar ba-zata, kuma ita ce ta 49 a cikin 58, ke nan akwai kalmomi 9 da suka biyo bayanta. Wannan lissafi shi ne ma'aunin aikin duka, domin burin shi ne a mai da taran nan sifiri.

Idan mutum ya karanta jimlarsa sau biyu ko uku bai iya ɗora yatsa a kan kalma ɗaya, ko gajeren yanki ɗaya, ba, to matsalarsa ba ta yawan kalmomi ba ce. Abin da yake da shi labari ne mai ban dariya a dunƙule, wanda yake buƙatar murya da kwaikwayo, kuma rage masa kalmomi ba zai mai da shi barkwanci mai jimla ɗaya ba.

Mataki na biyu: a yanke wutsiya

Ana fara yankan ne daga ƙarshe, domin can ne ɓarnar ta fi yawa. “Ba a ƙaramar salla ba” bayani ne na abin da mai sauraro ya riga ya gano da kansa, kuma daɗin barkwanci yana cikin wannan ganowar ne; wanda aka yi wa bayani an ƙwace masa rabonsa na aikin. Marubuci yakan ƙara irin wannan wutsiya ne don tsoron kada a kasa gane shi. Danginta su ne “ka gane ai”, “wallahi kuwa”, “ka ji fa”, “abin dariya”, da kuma jerin hotunan fuska mai dariya da ake liƙawa a ƙarshen saƙon waya. Duk a cire su ba tare da dogon tunani ba.

Mataki na uku: a rage shimfiɗa, amma a san ginshiƙanta

A nan ne aikin yake buƙatar natsuwa, domin ba kowace kalma ta shimfiɗa ce ake iya taɓawa ba. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a rufe kalma ɗaya da yatsa, a karanta jimlar ba tare da ita ba, sannan a tambayi kai ko mai sauraro zai ci gaba da zaton da ake so ya yi, kuma ko zai gane juyin idan ya zo. Idan amsar duka biyun e ce, kalmar ta tafi.

“Wato ni dai” gyaran murya ne, yana da amfani a hira don a karɓi magana daga bakin wani, amma ba ya cikin barkwancin. “Akwai wani tela da nake kai wa ɗinki a nan unguwarmu” kalmomi 11 ne da suke yin aikin kalma ɗaya, wato “tela”, domin kowa ya san abin da ake kai wa tela, kuma unguwar da yake zaune ba ta canza komai. Kasuwar Dole ita ce ta fi wuyar rabuwa da ita, kuma ƙanen namu ya yi gardama a kanta, yana cewa, “Yaya, ai ita ce ta sa abin ya zama namu.” Yana da gaskiya ta wani ɓangare, amma sunan wuri alkawari ne ga mai sauraro, wanda da ya ji an ambaci kasuwa zai ajiye ta a ransa yana jiran ta dawo a ƙarshe, ko a ce an cuce ka a ciniki, ko shaddar ta zama ta bogi. Idan ƙarshen ya zo babu kasuwa a ciki, wani ɓangare na hankalinsa yana can Dole yana jira. A dogon labari irin wannan ado yana ƙara armashi, amma a jimla ɗaya duk abin da aka ambata dole ne ya yi aiki. Haka “sai”, “mini”, “cewa”, “lallai”, “gaskiya”, “mutumin” da “domin kuwa” duk suna faɗuwa a gwajin yatsa. Abin da ya rage shi ne:

“A farkon azumi na kai wa tela shadda, ya rantse zan sa rigata ranar salla, kuma bai yi ƙarya ba, a babbar salla na sa ta.”

Kalmomi 26 ke nan. Akwai guda biyu a ciki da ba a taɓa su. Ta farko ita ce “azumi”. Idan aka cire ta don neman gajarta, sai jimlar ta zama labarin telan da ya yi alkawarin salla kuma ya cika, domin mai sauraro ba shi da dalilin zaton ƙaramar salla ake nufi. Wataƙila ma da mako ɗaya kafin layya aka kai ɗinkin. Kalmar azumi ita ce take dasa zaton da za a rushe. Ta biyu ita ce “rantse”. “Ya ce” ta fi ta sauƙi, amma rantsuwa tana ɗaga nauyin alkawarin, kuma tana sa a ga telan a ido, da tef ɗinsa a wuya da tarin yadikan mutane a bayansa, yana rantsuwa ga kowa da rantsuwa iri ɗaya.

Akwai kuma kalmomin da ake cirewa ba don sun yi yawa ba, sai don suna tona asiri. Da a ce marubucin ya rubuta “wani telan banza” ko “telan nan mai saɓa alkawari”, da ya gaya wa mutane ƙarshen tun daga farko. Mafi ɓoyuwa a cikinsu ita ce “amma”. Hannu yakan so ya rubuta “ya rantse zan sa rigata ranar salla, amma…”, kuma da zarar kunne ya ji “amma” ya san alkawarin ya karye, sai ya shiga hasashen yadda ya karye, sau da yawa ma ya riga mai magana isa. “Kuma” tana ci gaba da tafiya da mai sauraro a kan hanyar da yake kai. A nan ƙanen namu ya dace tun farko, kuma na gaya masa kada ya taɓa ta.

Mataki na huɗu: a juya jimlar

Bayan duk wannan yankan, har yanzu akwai kalmomi 4 a bayan “babbar”, kuma ba za su fita da yanka ba, sai da juyi. Dalilin yana cikin ginin harshenmu ne, shi ya sa wannan mataki ya fi sauran bukatar bayani. Bahaushe idan yana so ya ƙarfafa abu, gaba yake kawo shi. Muna cewa “a babbar salla na sa ta”, ko “tela ne ya cuce ni”, kuma wannan daidai ne a zance na yau da kullum, inda ake so mai sauraro ya fara jin abu mafi muhimmanci. Barkwanci mai jimla ɗaya kishiyar haka yake so. Saboda haka marubuci yana bukatar ya lura da wannan ɗabi'a ta bakinsa, ya mai da jimlar zuwa tsarinta na asali: “na sa ta a babbar salla”.

Saura kalma ɗaya, kuma ita ce “salla”, wadda mai sauraro ya riga ya ji a shimfiɗa. A Hausa siffa tana iya zuwa kafin suna ko bayansa, kamar “tsohon babur” da “babur tsoho”, don haka ana iya cewa “salla babba”, kuma hakan ya warware matsalar wuri. Sai dai akwai abin da ya fi shi, wato “sallar layya”. Wanda ya ji “ranar sallar…” yana iya ci gaba da zaton “azumi” ce za ta biyo, tun da sallar azumi suna ne da kowa yake kiran ƙaramar salla da shi, ke nan zatonsa yana nan da rai har zuwa gaɓa biyu na ƙarshe. Sannan kalmar layya tana zuwa da hotonta, raguna a ɗaure da hayaƙin suya, abin da “babba” ba ta da shi. Da aka haɗe “bai yi ƙarya ba” da “na sa ta” suka zama “ya cika alkawari”, sannan aka bar “rigata” ta wadatar da ambaton shadda, sai jimlar ta tsaya haka:

“Da azumi tela ya rantse zan sa rigata ranar salla, kuma ya cika alkawari ranar sallar layya.”

Daga 58 an dawo 17, kuma babu komai bayan “layya”.

Ƙananan kalmomin da ke maƙalewa a ƙarshe

Misalin tela bai gamu da wata matsala ba wadda kusan duk mai rubuta barkwanci da Hausa zai gamu da ita, wato “ba” ta korewa. A shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai zuwa korewa tana da ƙafa biyu, “bai … ba” da “ba zai … ba”, kuma ƙafa ta biyu takan sauka a ƙarshen jimla. A duba wannan: “Na ranta wa abokina jaka goma ya sayi maganin ido, tun ranar bai ƙara ganina ba.” Kalmar ba-zata ita ce “ganina”, amma “ba” ta zauna a bayanta. Mafita biyu ce. Ana iya neman aikatau da ke ɗauke da korewar a cikinsa, irin su daina, ƙi, kasa da rasa, a ce “tun ranar ya daina ganina”. Ko kuma a koma lokaci mai ci, wanda korewarsa “ba” ɗaya ce a gaba, a ce “har yau ba ya ganina”. Ni na fi son ta biyun, domin “ba ya gani” ita ce ainihin maganar da ake yi a kan mai ciwon ido, sai ƙaramin “na” da ya maƙale a ƙarshe ya juya ta ta koma maganar mai gudun bashi.

“Ne” da “ce” su ma haka suke. Wanda ya rubuta “da bazara fanka ce kaɗai ba ta aiki a gidanmu” ya sake faɗawa tarkon kawo abu gaba. Idan ya gyara ya ce “da bazara wadda ba ta aiki a gidanmu fanka ce”, ya matso, amma “ce” ta biyo baya, kuma “wadda” ta riga ta nuna jinsin abin. Hausa tana da kalmar da ta dace da wannan aiki fiye da kowace, ita ce “sai”, domin duk abin da ya biyo bayanta shi ke rufe jimla: “Da bazara kowa a gidanmu yana aiki sai fanka.” Kalmar “kowa” ta sa ana jiran sunan wani malalaci a cikin gida, sai ga fanka, kuma duk wanda ya kwana a watan Afrilu babu wutar lantarki ba ya bukatar ƙarin bayani. “Kamar” da “shi ne” su ma suna buɗe wannan gurbi na ƙarshe.

Ba na cewa a mai da wannan doka ta ƙarfe. Gaɓa ɗaya mara nauyi, kamar “ne” ko “ba”, kunne yakan haɗiye ta tare da kalmar da ke gabanta, kuma idan korar ta zai sa jimlar ta koma Hausar da babu mai yin irinta, gara a bar ta. Mai sauraro da ya ji jimla a karkace zai tsaya yana gyara ta a ransa, wannan tsayawar kuma ta fi “ne” guda ɓarna. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne kalma mai ma'ana, suna ko aikatau ko bayanin wuri, ta zo bayan kalmar ba-zata.

Mataki na biyar: a faɗa da baki a gaban mutane

Takarda ba ta iya nuna ko an yi nasara, sai kunnen wanda bai taɓa jin barkwancin ba. Waɗanda suka ji tsohon rubutun ba su da amfani a wannan gwaji, tun da sun san ƙarshen, saboda haka ƙanen namu ya jira har washegari, lokacin da wasu abokai suka zo daga Zango. A wajen faɗa, ana ɗan dakatawa kaɗan kafin yanki na ƙarshe, a nan bayan “alkawari”, gwargwadon jan numfashi ɗaya, sannan a faɗi sauran da murya ta yau da kullum, a rufe baki. Rufe bakin ya fi komai wuya, domin shirun daƙiƙa ɗaya da ke biyo baya yakan sa mutum ya ji kamar ya ƙara wani abu, kuma abin da zai ƙara ɗin shi ne wutsiyar da aka yanke a mataki na biyu.

Yadda mutane suka amsa shi ke nuna inda cutar take. Idan dariya ta fara kafin a rufe baki, akwai sauran kalmomi bayan kalmar ba-zata, ko kuma ba a gano ta daidai ba tun farko, sai a lura da kalmar da aka fara dariya a kanta, domin ita ce ta gaskiyar. Idan wani ya riga ka ƙarasa jimlar, shimfiɗar tana yoyo, sai a nemi “amma” ko wata siffa da ta tona asiri. Idan aka yi shiru sannan wani ya ce “to, sai me ya faru?”, an yanke ginshiƙi, kuma magani shi ne a mai da kalma ɗaya cikin shimfiɗa, ba a ƙara bayani a ƙarshe ba. Idan kuwa aka gyaɗa kai aka ce “haka suke, wallahi”, to an faɗi gaskiya ne kawai, babu juyi a ciki. A kowane hali abu ɗaya ake canzawa kafin a sake gwadawa, domin wanda ya canza uku a lokaci guda ba zai san wanne ne ya gyara ko ya ɓata ba.

A daren gwajin an yi dariya a kan “layya”, har mai shayi ya ajiye butarsa. Sai wani dattijo da ke zama da mu wani lokaci ya ce, “Ɗan nan, ai ka yi wa telan sassauci, ka ce sallar baɗi mana.” Shawarar ta cancanci a auna ta, domin amfanin gurbin ƙarshe shi ne da zarar an share shi, ana iya gwada kalmomi daban-daban a ciki ba tare da an taɓa sauran jimlar ba, kuma jinkirin shekara ya fi na kwana 70 girma. Muka gwada, sai muka ga “baɗi” ba ta zama da “ya cika alkawari”, domin ɗaya abin da ya wuce ne, ɗaya kuma bai zo ba. Don a daidaita su sai an ce “ranar salla bayan shekara ta zagayo”, wanda ya tsawaita ƙarshen, kuma abin dariyar ya warwatsu a tsakanin “shekara” da “zagayo”, babu kalma guda da ta ɗauke shi. Idan kuma aka ce “zai cika alkawari ranar sallar baɗi”, kalmar “zai” ta riga ta shaida cewa rigar ba ta fito ba. Ƙanen namu ya goge “baɗi” daga wayarsa, ya mai da “layya” wurinta.